Fassarar Sakamakon Gwajin Jini Daga Hoto

Sau da yawa akan aiko wa ɗalibin fassara hoton takardar gwajin asibiti ta waya, a ce ya faɗi abin da ke ciki da Hausa. Aikinsa shi ne bayyana ma'anar kalmomi da alƙaluma. Faɗin cutar da ke damun mai takarda kuwa hurumin likita ne, wanda ya ga majinyaci, ya ji kokensa.

Kafin komai, wajibi ne mai fassara ya tabbata hoton ya fito sosai, musamman ɗigon da ke tsakanin alƙaluma da ma'aunin da ke biye da su. Alal misali, a ce goggon ɗalibi ce ta aiko da takarda mai ɗauke da Hb 10.5 g/dL. Idan haske ya cinye ɗigon, sai a karanta 105. Abin lura shi ne wasu ɗakunan gwaji 105 ɗin suke rubutawa, amma da ma'aunin g/L, kuma duk abu guda ne. Saboda haka in gefen takardar ya yanke ko ya dusashe, a nemi wani hoton, kada a cike gurbin da zato.

Daga nan sai bayani. Hb sinadari ne da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, shi ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa ya kai ta sassan jiki. Ɗalibin zai iya cewa: "Goggo, nan sun auna sinadarin da ke sa jini ja. Naki goma da rabi ne, su kuwa sun rubuta a gefe cewa abin da aka saba gani ya fara daga sha biyu." Iyakarsa ke nan. Da zai ce "kina da ƙarancin jini", da ya tsallaka gonar da ba tasa ba, domin mizanin yakan sauya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 12 ga mace, 13 ga namiji, mai ciki kuwa nata ƙasa yake da haka. Takardar kuma ba ta faɗi dalilin raguwar ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne layin zazzaɓin cizon sauro, wato No MP seen. Fassararsa ita ce "ba a ga ƙwayar cutar ba a cikin jinin da aka duba". Wanda ya ce "ba ki da maleriya" ya ƙara abin da mai gwaji bai rubuta ba, don kuwa ƙwayoyin sukan yi kaɗan har su kuɓuce wa madubin, shi ya sa likita kan sa a maimaita gwajin.

In goggo ta matsa ta ce, "To, me ke damuna?", sai ya nuna mata layin da ya fita daga mizani, ya ce shi za ta tambayi likita a kai. Idan kuwa tana haki ko jiri mai tsanani, a ajiye fassarar a nufi asibiti.