Daga Bizar Karatu Zuwa ta Aiki a Birtaniya

Tambaya: Ina digiri na biyu a Birtaniya, wani kamfani zai ɗauke ni aiki. Dole sai na koma gida kafin in sauya biza?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kana zaune a ƙasar za ka nema. Fara bincika ko sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisin ɗaukar baƙi da Ma'aikatar Cikin Gida ke wallafawa. In babu, alƙawarinsu ba zai kai ka ko'ina ba, domin su ne za su ba ka lambar ɗaukar nauyi da ake kira CoS.

Tun Yulin 2023, sai ka gama karatu, ko ranar fara aikin ta biyo bayan ranar kammalawarka. A ce za ka gama 30 ga Satumba, su kuma suka rubuta 1 ga Satumba: za a iya ƙin buƙatarka. Ka sa su mayar da ita Oktoba.

Albashi kuwa, a ƙa'idar Yulin 2025 mafi ƙaranci fam 41,700 ne a shekara, amma mai fitowa daga karatu kan shiga da 33,400, muddin albashin ya kai kashi 70 cikin ɗari na wanda aka ƙayyade wa sana'ar.

Ka miƙa buƙatarka kafin bizarka ta ƙare. Zamanka halal ne har a yanke hukunci, galibi cikin mako takwas. Ina roƙonka, ko bikin ƙanwarka ne, kada ka je gida lokacin jiran. Da ka tafi, an ɗauka ka janye buƙatar.