Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ɗaya Ya Sha Sau Ɗaya, Ɗaya Kwana Uku?

Tambaya: A hunturun bana autana ɗan shekara 2 ya farka tsakar dare da tari kamar haushin kare, muryarsa ta dishe. A asibiti aka ba shi deksametason sau ɗaya tak. Yayansa ɗan shekara 6 kuwa, duk sanda asmarsa ta tashi sai a rubuta masa firedinisolon na kwana uku. Ba a rage wa ƙaramin magani ba kuwa? Daga wata uwa a Kasuwar Daji.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, ba a rage masa komai ba. Magungunan biyu dangi ne, duk kumburi suke saukarwa, amma ciwon yaran ba ɗaya ba ne.

Na ƙaramin, likitoci na kiransa kurup. Ƙwayar cutar mura ce ke kumbura maƙogwaro a ƙasan inda murya ke fita, shi ya sa za ki ji ƙara idan yana jan numfashi ciki. Tsananinsa yawanci dare biyu ne ko uku. Shi kuma deksametason yana kwana biyu zuwa uku yana aiki a jiki. Kin ga sha ɗaya ya raka yaron har ya haye.

Asma kuwa a ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu take, za ki ji fito idan yana fitar da numfashi, kuma kumburinta ba ya saurin sauka. Firedinisolon kamar kwana ɗaya yake aiki, don haka ake sha kullum da safe, kwana uku zuwa biyar. Sai ya yi awanni kafin ya kama, saboda haka maganin shaƙa, salbutamol, shi ne na farko.

Da nauyi ake awo, ba da shekaru ba. Deksametason ana ba da miligiram 0.15 zuwa 0.6 a kowane kilo, gwargwadon hukuncin likita. Idan autanki kilo 12 ne, ya kama daga kusan miligiram 2 zuwa 7. Yayan, idan kilo 20 ne, a kan miligiram 1 kowane kilo zai sha firedinisolon miligiram 20 a rana, wato ƙwaya huɗu 'yan miligiram 5. Kada ƙanƙantar lambar autan ta ruɗe ki: deksametason ya fi firedinisolon ƙarfi kusan ninki bakwai.

Don Allah kada ki sayo ƙari a kemis. Yawan maimaita su na raunana garkuwar jiki, yana tauye girman yaro.

Idan ƙarar numfashin autanki tana fita ko yana kwance shiru, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko yawu na zuba ya kasa haɗiya, ki kai shi babban asibitin Ƙaura Namoda nan take. Idan wuyansa ya kumbura, ko akwai farin danƙo a maƙogwaro, yana iya zama mashaƙo, kuma sha ɗayan nan ba maganinsa ba ne. Kurup da dare yake tsananta, saboda haka in kin ga alama da rana, ki kama hanya tun da sauran haske. Allah ya ba su lafiya.