Faɗuwar Sanda: Ina Gindinta Yake Nufa?

Ɗalibi, tsayar da siririyar sanda doguwa bisa tebur, ka sake ta. Shin gindinta zai tsaya inda yake har ta kwanta? Lissafi ya nuna ba zai tsaya ba.

Da farkon faɗuwa, sanda tana tura gindinta baya, gogayyar tebur kuwa tana riƙe shi. Idan tebur mai santsi ne, wato ma'aunin gogayya bai kai 0.37 ba, gindin zai zame baya kafin sanda ta karkata da digiri 35 daga tsaye.

Idan tebur mai kaushi ne, gindin zai jure wannan turi. Amma da karkata ta wuce digiri 48, sai al'amari ya juya: sanda ta yi gudu, tana jan gindinta gaba. Kuma dannawar da take yi wa tebur tana raguwa, har ta ƙare a wajen digiri 70. Gogayya kuwa ba ta riƙo sai da dannawa. Saboda haka, kome kaushin tebur, gindin zai zame gaba tsakanin digiri 51 da 70.

Gwada da fensir bisa gilashi, sa'an nan bisa roba. Yi alama a gindinsa kafin ka saki.