Darasi: Ki Fara da Samfuri Uku

'Yar'uwa, mai ba da aikin rubutu zai ce, "Mu ga wanda kika taɓa yi." In babu, ki ba kanki aikin. Ki rubuta tallar albasar Aliero a layi biyar: girman buhu, farashi, da inda za a ɗauka. Sai sanarwar buɗe shagon ɗinki a Jega, sannan wasiƙar mata manoma na Maiyama ta neman taki.

A saman kowanne ki rubuta "samfuri ne". Kada ki jingina shi ga ɗan kasuwar da bai sa ki ba. Ranar da aka tambaye shi, mutuncinki ya zube.

Ki karanta wa maƙwabciyarki tallar. In ta ce, "To nawa ne buhun?", da sauran gyara.

Allah ya sa albarka.