DARASI NA TARA: DAIDAITON KAYAN ƊAKI DA GIRMAN ƊAKI

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, iyayen amarya ne ke yin kayan ɗaki, ango kuma shi ke samar da muhalli. Wannan rabon aiki yana da kyau, amma yakan haifar da wata matsala: waɗanda suka sayi kayan sau da yawa ba su taɓa ganin ɗakin ba sai ranar jere. Duk wanda ya bi titunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a birnin Kano zai ga kafintoci sun baje gadaje da kujeru a bakin hanya. A wannan fili, babu bango babu rufi, gado mai faɗi yakan yi wa ido kyau. Sai an kai shi ɗaki mai ƙafa 12 ne za a ga ya cinye wurin. Idan haka ta faru, kuɗi sun riga sun tafi, kafinta ba ya karɓar abin da aka ba shi kwangila ya ƙera, amarya kuma ita ce za ta zauna cikin ƙunci shekara da shekaru. Wannan darasi zai nuna yadda ake guje wa hakan ta hanyar awo da lissafi mai sauƙi.

Ma'anar Daidaito

Daidaito a tsarin ɗaki iri biyu ne. Na farko shi ne daidaiton girma, wato yadda girman kaya ya dace da girman ɗaki da kuma jikin mutumin da zai yi amfani da su. Na biyu shi ne daidaiton sassa, wato yadda kayan suka dace da junansu, kamar tsawon tebur da tsawon kujerar da ke gabansa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Magina na gargajiya da jikin mutum suke awo: ɗani, da kamu, da taki, da gaba. Haka kuma mata masu jeren ƙore, da na tasoshi da languna daga baya, sukan sa babba a ƙasa, su bi da mai bi masa, har zuwa ƙarami a can sama. A Turai ma, mai zanen gine-gine Le Corbusier ya tsara wani ma'auni a shekarun 1940 wanda ya gina a kan mutum mai tsawon mita 1.83. Manufar duka ɗaya ce: mutum ne ma'aunin ɗaki. Abin da ya sauya shi ne kayan. Tabarma da gadon kara ana naɗe su ko a ɗauke su cikin sauƙi, amma gadon katako da sif inda aka kafa su nan suke zama.

Filin da Jiki ke Buƙata

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi ko kayan za su shiga ɗakin. Tambayar da ta dace ita ce: wane fili zai rage bayan sun shiga? Masu tsara ɗakuna suna aiki da waɗannan ƙiyasce-ƙiyasce:

(a) Babbar hanyar wucewa a cikin ɗaki tana son ƙafa 3, kada ta gaza ƙafa 2 da rabi.
(b) Gefen gado yana son aƙalla ƙafa 2, domin hawa da sauka da gyaran shimfiɗa.
(c) Gaban sif yana son ƙafa 3, domin a buɗe murfinsa mutum kuma ya tsaya.
(d) Ƙofar da ke buɗewa ciki tana cin fili daidai faɗinta ta kowane gefe.

A gidan Bahaushe akwai ƙari ɗaya da littattafan ƙasashen waje ba su cika ambata ba, wato wurin salla. Sallaya tana kai kusan ƙafa 4 a tsawo, kuma dole ta fuskanci alƙibla, wadda a Kano take gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Ɗakin da mace ba ta da wurin yin sujada a cikinsa ya gaza, komai tsadar kayansa.

Misali na Ɗaya: Kayan da Suka Danne Ɗaki

Mu ɗauki uwar ɗaki a gidan haya na ciki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi. Faɗin ƙasanta ke nan murabba'in ƙafa 144. Iyayen amarya sun ba da aikin saiti cikakke: gado shida da shida, durowar gefen gado guda 2, sif, da madubi.

Abin lura na farko shi ne, shida da shida awon katifa ne, ba na gado ba. Idan aka haɗa da katakon gefe da fuskar gado, zai kai kamar ƙafa 6 da rabi a faɗi da ƙafa 7 a tsawo. In aka jingina fuskarsa da bango, saura ƙafa 5 a wajen ƙafafu. Sif mai zurfin ƙafa 2 zai tsaya a bangon da ke fuskantar gadon, kusa da ƙofa, ya bar ƙafa 3. Har zuwa nan babu laifi.

Matsalar tana gefe. In aka cire faɗin gado daga ƙafa 12, saura ƙafa 5 da rabi. Da yake durowa biyu ne, dole gadon ya zauna a tsakiya, kowane gefe ya sami ƙafa 2 da inci 9. Madubi mai zurfin ƙafa 1 da rabi ba shi da wuri sai ɗaya daga cikin gefunan nan, inda zai bar inci 15 kacal. Nan mutum sai ya bi a karkace, balle a sa kujerar zama gaban madubin. Idan aka tara filin da kayan suka ci, zai kai kusan murabba'in ƙafa 68, wato dab da rabin ɗakin, ragowar kuma ta zama 'yan lunguna marasa amfani.

Gyaran yana da matakai uku. A zaɓi gado mai katifar huɗu da rabi, wanda jikinsa zai zama kamar ƙafa 5 da 7. A bar durowa guda, a matsar da gadon ya rage ƙafa 2 tsakaninsa da bango. Sannan a roƙi kafinta ya manna madubi a murfin sif. Da haka ɗaya gefen zai sami fili mai ƙafa 5 da 7 a dunƙule, wanda ya ishi sallaya, ya kuma ishi shimfiɗar jariri nan gaba. Kayan yanzu sun ci kusan murabba'in ƙafa 49, kamar sulusin ɗakin. Idan dangi sun nace sai babban gado, to a haƙura da madubin da durowa ɗaya, a sami ƙafa 3 da rabi a gefe guda. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tsayi ma yana da nasa hukunci. A ɗakin da silinsa bai wuce ƙafa 9 ba, fuskar gado mai ƙafa 6 da baƙin katako mai yawan sassaƙa takan sa rufi ya zama kamar ya sauko. In ta tare taga kuwa, ta hana iska shiga, za a ɗanɗana kuɗarta a zafin Afrilu.

Misali na Biyu: Kayan da Suka Ɓace a Ɗaki

Akasin wannan yakan faru a manyan gidajen zamani irin waɗanda ake gani a wasu sassan Tarauni. Mu ƙaddara falo mai ƙafa 18 da 24, da dogon silin. An kawo saitin kujeru na zaman mutum 7, an jera su a jikin bango kamar yadda aka saba. Kowace kujera zurfinta kusan ƙafa 3 ne, don haka tsakanin masu fuskantar juna akwai ƙafa 12. Hira cikin natsuwa kuwa ba ta son tazarar da ta wuce ƙafa 8 zuwa 10. Alamun wannan kuskure a fili suke: baƙo yana ɗaga murya in zai gaisa, sai ya miƙe kafin ya ajiye kofi, ƙaramin teburin tsakiya kuma yana can shi kaɗai.

Maganin ba sai an ƙaro kujeru ba. A janye su daga bango a haɗa su wuri guda, a shimfiɗa darduma mai girman da ƙafafun kujerun na gaba za su hau kanta, domin ita ce za ta nuna wa ido iyakar wurin zama. Teburin tsakiya ya kasance kamar kashi biyu cikin uku na tsawon doguwar kujera: in kujerar ƙafa 7 ce, teburin ya kai ƙafa 4 da rabi. Tsayinsa ya yi daidai da mazaunin kujera, tazararsa kuma kamar inci 18, wato kamu guda. A rataya labule daga kusa da silin har ƙasa domin ya cike tsayin bango. Sauran falon a bar shi da gangan a matsayin wurin zaman ƙasa, inda za a ci abinci ko a yi jam'i, tun da Bahaushe bai rabu da zaman ƙasa ba.

Matakan Awo Kafin Sayayya

1. A auna tsawo da faɗi da tsayin ɗaki da tef, tare da wuraren ƙofa da taga da soket.
2. A auna ƙofar gida da zaure da kowace kwana da kayan za su bi.
3. A karɓi awon jikin kaya daga kafinta a rubuce.
4. A zana ɗakin a takarda mai gidaje, kowane gida ƙafa 1.
5. A shata wurin kowane kaya da alli a daɓen ɗakin, a zagaya a gani.

Kammalawa

An ga cewa ana auna dacewar kayan ɗaki ne da filin da suka bar wa mai ɗakin. Ƙaramin ɗaki yana son a rage yawan kaya a tara fili wuri guda, babban falo kuma yana son a haɗa kaya a ba su iyaka. Mafi sauƙin riga-kafi shi ne dangin ango su aika da awon ɗaki tun kafin dangin amarya su je wajen kafinta.

Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin daidaiton girma da daidaiton sassa, tare da misali daga jeren gargajiya.
2. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12 ne. Nuna da lissafi ko zai ɗauki gado shida da shida tare da sif da wurin salla.
3. Kawo alamu uku na falon da kayansa suka ɓace a cikinsa.
4. Tsara darasi na minti 40 ga ɗaliban ƙaramar sakandare, inda za su auna ajinsu da taki, sannan da tef, su kwatanta sakamakon.