LABARIN MAI ƘOSAI DA BUTARTA

Ya kai mai karatu, kai ne maigida ko ke ce uwargida, ga wani labari. In ka karanta, ka karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a gidanku, musamman in akwai mai sana'ar abinci.

A wani ƙauye akwai wata mata mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ƙaramin yana goye. Da wannan kasko take ci da su. Kullum da asuba sai ta buga ƙullu, ta dama koko, ta hura wuta. Kafin hantsi ta sayar, ta koma gida.

Ana nan sai damina ta yi tsakiya, zawo ya shigo ƙauyen. Yara suka kwanta a gidaje da dama. Wata mata ta ce, "Ai ɗana ƙosan bakin kasuwa ya ci da safe, da azahar cikinsa ya ɓaci." Kafin gari ya waye magana ta gama gari. Ranar farko mai ƙosai ta koma da rabin ƙullunta. Rana ta uku ba wanda ya tsaya, sai dai a gaishe ta daga nesa a wuce. Jarinta ya kama hanyar karyewa.

Da abin ya dame ta sai ta tafi ɗakin shan magani wurin malamin asibiti. Bayan sun gaisa ta ce, "Malam, an ce ni na sa wa yara ciwo. Shekarata tara ina tuya, ba a taɓa ce mini haka ba. In ni ce, ka faɗa mini."

Malam ya ce, "Iya, zauna. Na rubuta gidajen da aka kawo mini marasa lafiya. Da yawansu ba sa sayen ƙosanki, amma dukansu a rijiyar nan ta gangare suke ɗiban ruwa, wadda ruwan sama yake kwararowa cikinta daga bayan gari. Ita na fi zargi, na kuwa gaya wa Maigari. Amma ba zan ce miki hannunki ya fita ba sai na gani. Gobe ki yi tuya kamar yadda kika saba, zan zo in zauna."

ABIN DA MALAM YA GANI

Kashegari Malam ya zauna a gefe bai ce kome ba har ta gama. Sa'an nan ya ce, "Ƙosanki lafiyayye ne lokacin da yake fitowa daga kasko, gama mai in ya yi zafi ya fi tafasasshen ruwa zafi, ba ƙwayar cutar zawo da za ta rayu a cikinsa. Ɓarnar tana zuwa ne bayan kin tsame. Abu huɗu na gani.

"Na ɗaya, yaronki ya yi kashi, kin yi masa tsarki, kin ɗauraye hannu da ruwa zalla, kin dawo kan aiki. Na biyu, kwanon ruwan nan da kike tsoma hannu a ciki tun asuba ba ki sake shi ba. Na uku, in kin tsoma sai ki goge hannu a zanenki, da hannun nan kuma kike karɓar kuɗi, da shi kike ƙirga ƙosai. Na huɗu, da kokonki ya yi kauri kin tsinka shi da ɗanyen ruwa."

Mai ƙosai ta dubi hannunta ta ce, "Amma Malam, ga shi fes, ba datti."

Malam ya ɗibi ɗan mai ya haɗa da garin gawayi, ya ce ta shafa. Ya ce ta tsoma a kwanon. Ta tsoma, ruwan ya yi baƙi, hannun kuwa bai fita ba. Ya ce ta tsoma ɗaya hannun mai tsabta. Ta tsoma, ya fito da baƙi. Sa'an nan ya ba ta sabulu, ya zuba mata ruwa da buta. Nan da nan hannu biyu suka fita sarai. Ya ce, "To, kin gani. Bambancin gawayi da ƙwayoyin cuta ɗaya ne: gawayi ana ganinsa, su ba a ganinsu."

DALILIN WANNAN

Mai karatu, dakata mu duba maganar Malam. Zawo da atuni da amai da gudawa, watau kwalara, da zazzaɓin taifot, duk hanyarsu ɗaya ce. Ƙwayoyin cutar suna fita cikin kashin mai ciwon, su shiga bakin mai lafiya. Ruwa yana kai su, ƙuda yana kai su, hannu yana kai su. Kada ka ce kashin jinjiri ba kome. Shi ma yana ɗauke da cuta, sau da yawa ma fiye da na babba.

Ƙwayoyin nan suna maƙale cikin maiƙon fata da ƙarƙashin farce. Ruwa zalla ba ya cire maiƙo, balle a hannun mai tuya. Sabulu ne yake ɓamɓare shi, ruwan da ake kwararawa ya tafi da shi ƙasa. Kwano kuwa tara dauɗa yake yi. Wanda ya fara sa hannu ya bar tasa a ciki, na bayansa ya ɗauka. Haka abin yake a gidajenmu in an kawo tuwo, aka zagaya da kwano ɗaya kowa ya tsoma.

Ka kuma lura da wannan. Mutum in cikinsa ya ɓaci, abin da ya ci na ƙarshe yake zargi. Ba kullum ne haka yake ba. Akwai abincin da yake ɓata ciki cikin 'yan awoyi, amma kwalara takan ɗauki har kwana 5 kafin ta bayyana, taifot kuwa mako 1 zuwa 3. Saboda haka kada ka yi gaggawar ɓata sunan mai neman abincinsa. Ka kai mara lafiya ɗakin shan magani, ka faɗi inda kuke ɗiban ruwa da abin da aka ci cikin kwanakin.

ABIN DA MAI ƘOSAI TA YI

Ba ta yi musu da kowa ba, ba ta bi gida gida tana rantsuwa ba. Ta kawar da kwanon nan. Ta kawo buta, da sabulu a cikin wani ɗan murfi, da tasa ta tare ruwan wanki. Ba ta ɓoye su a bayanta ba, a gaba ta ajiye su, inda duk mai wucewa zai gani. Babbar 'yarta ita ce mai zuba mata ruwa, ita ce kuma mai karɓar kuɗi. Uwar ba ta ƙara taɓa kuɗi ba sai an tashi.

Ga yadda take wankewa, kai ma haka za ka yi:

1. A zuba maka ruwa mai tsabta da buta, hannu ya jiƙe.
2. Ka goga sabulu har ya yi kumfa.
3. Ka cuɗa tafin hannu, da bayansa, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da bakin farce, har wuyan hannu. Ka yi ta cuɗawa kana ƙirga ɗaya zuwa 20 a hankali.
4. A sake zuba maka ruwa har kumfa ya fita duka.
5. Ka yarfe hannu ka bar iska ta busar da shi. Kada ka goge a riga ko zane.

In sabulu ya ƙare, a cuɗa da toka mai tsabta ta cikin murhu. Ba ta kai sabulu ba, amma ta fi ruwa zalla.

Takan wanke kafin ta taɓa ƙullu, da bayan ta zaga bayan gida, da bayan ta yi wa yaro tsarki ko ta share masa majina. Ta yanke farcenta. Ƙosai kuwa da matsami take tsamewa, da cokali take ƙirgawa, ta rufe sauran da faifai saboda ƙuda. Ruwan tsinka koko ta aza shi a gefen wuta, sai ya tafasa take zubawa.

Rana ta farko kallo kawai aka yi. Har wata ta ce, "Yau kuma alwala ake yi a gaban kasko?" Mai ƙosai ta yi murmushi, ba ta tanka ba. Rana ta biyu wani dattijo mai dawowa daga masallaci ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yar nan, zuba mini." Ta ce, "To, Baba, amma ga buta, a fara zuba maka ruwa." Ya yi dariya, ya wanke, ya zauna nan ya ci a idon jama'a. Da matan unguwa suka ga haka sai suka fara aiko yara. Maigari kuma ya sa aka yashe rijiyar, aka ɗaga bakinta, aka yi mata murfi. Zawo ya lafa. Wata bai cika ba sai ga mai ƙosai ta ƙara mudun wake a kan abin da ta saba jiƙawa. Matar nan da ta fara maganar ma ta zo, kanta a sunkuye. Mai ƙosai ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ina yaron? Ya ji sauƙi?" Ta ƙara mata gyara.

IYAKAR WANKE HANNU

Kada ka ɗauka wanke hannu shi kaɗai ya isa. Ba ya gyara gurɓataccen ruwa, sai an tafasa. Ba ya korar ƙuda, sai an rufe abinci. Mai sayar da abinci kuma in shi kansa yana zawo ko amai, ya ajiye sana'a har ya kwana 2 da warkewa, ko da yana wanke hannu.

In zawo ya riga ya kama yaro, abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka karɓo garin gishiri da sukari a ɗakin shan magani, ka haɗa yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. In babu, ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba, cikin lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. A ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In ka ga jini a kashi, ko zawo kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, kada ka jira gari ya waye. Ɗauke shi sai asibiti.

TAMBAYOYI

In an gama karatu, maigida ya tambayi mutanen gida:

1. Me ya sa ƙosai yake da lafiya a kasko, amma ya iya ɓaci a hannu?
2. Ina bambancin kwano da buta?
3. Yaushe ne ya zama dole a wanke hannu da sabulu?
4. A gidanmu, ina sabulu yake ajiye: kusa da masai da madafa, ko a kulle cikin akwati?