YADDA ZA MU SHIMFIƊA BULON INTALOK A TSAKAR GIDA

Da damina tsakar gidajenmu da yawa takan zama taɓo. Saboda haka mutane sun soma shimfiɗa ƙananan bulon nan na siminti da ake kira intalok. Amma mun sha ganin tsakar gidan da aka shimfiɗa da rani, kafin kaka ta loɓa, ruwa yana kwanciya a tsakiya, bulon baki kuma sun baje. Maigida yakan ce bulon ne ba su da kyau. Sau da yawa kuwa ba laifin bulo ba ne. Ba a kama intalok da siminti. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ke ɗauke da shi, abin da ke bakinsa kuma shi ke riƙe shi. Bari mu ɗauki misalin fili mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 a ƙofar ɗaki, mu bi aikin daki-daki.

Da farko sai mu tambayi kanmu, ina ruwa zai bi? Mu kafa turaku, mu ɗaura igiya daidai inda muke son fuskar bulo ta tsaya. A jikin ɗaki igiyar ta kasance santimita 15 ƙasa da daɓen ɗakin, don kada ruwa ya shiga. Daga nan ta gangara santimita 2 a kowace mita, zuwa wajen rariya. A faɗin mita 4 ke nan bakin waje zai fi na jikin ɗaki ƙasa da santimita 8. Ido ba ya auna wannan. Mu nemi farin tiyo, mu cika shi da ruwa, gama ruwan bakinsa biyu kullum daidai yake tsayawa.

Sai haƙa. Muna bukatar wurin burji santimita 10, da yashi 3, da bulo 6, wato zurfin santimita 19 daga igiya. Ƙasan ramin ma ya bi gangaren igiyar. Mu kwashe baƙar ƙasar sama duka, da saiwoyi da toka da juji, gama waɗannan ruɓewa suke yi su bar rami. In mun tarar da tsohuwar masai ko ramin da aka cike, a nan ne za a fara loɓawa, sai mu tone shi mu sāke cikawa kaɗan-kaɗan muna daɓewa. In kuwa ƙasar laka ce mai tsagewa da rani, ko mota za ta riƙa shiga, burjin kada ya gaza santimita 15.

Yanzu mun zo ga babban aikin, wato daɓe. Iyayenmu mata sun san wannan tun dā. Ba su taɓa zuba ƙasa mai kauri su buga sau ɗaya su tashi ba. Haka mu ma. Filin nan zai ci burji wajen baro 50, gama yakan ragu in ya sha bugu. Kada mu zuba shi gaba ɗaya. Mu fara daɓe ƙasan ramin, sa'an nan mu baza rabin burjin, mu yayyafa ruwa, mu buga, kana mu zuba sauran rabin mu sāke. Dalili kuwa shi ne ƙarfin madaɓin hannu ba ya kaiwa can ƙasa. In burjin ya yi kauri, sama za ta yi tauri, ƙasa na nan sako-sako, ruwan Agusta kuma shi zai tona asirin.

Yawan ruwan da za mu yayyafa yana da muhimmanci. Mu damƙi burjin a hannu. In ya wargaje da mun buɗe hannu, ya bushe da yawa. In ruwa ya fito tsakanin yatsu, ya yi yawa, sai mu jira ya sha iska. In ya dunƙule kamar fura bai jiƙa hannu ba, to, ya yi. Wanda ya sami hayar injin daɓe ya huta. Wanda bai samu ba, ya cika tsohon gwangwanin fenti da kankare, ya kafa masa ƙota. Mun gama daɓe sa'ad da muka tura baro cike a kai, taya ba ta bar gurbi ba. Duk wani kwari a cike shi yanzu da burji. Kada mu ce yashi zai gyara shi daga baya.

Kafin yashi sai mu yi baki. Wannan ne mutane suka fi tsallakewa don gudun kuɗin siminti, mu kuwa muna ganin gara a rage faɗin filin da a bar shi ba baki. Duk wanda ya taka bulo yana tura na kusa da shi gefe. In babu abin da ya tokare na ƙarshe, sai ya matsa, tsakani ya buɗe, yashi ya zube, layi na biyu ya bi sahu. Bangon ɗaki ya riƙe gefe ɗaya. Sauran gefe uku, wato mita 14, mu jera musu dogon bulon baki a kan kankare, awon siminti 1, yashi 3, tsakuwa 6. Mu kuma tara kankaren a bayansa har rabin tsayinsa. Turo ƙasa kawai a baya bai isa ba. A gefen gangare kan bulon bakin kada ya ɗara fuskar fili, in ba haka ba mun gina tafki. Mu bar shi kwana 3 muna ba shi ruwa.

Yashin shimfiɗa na rafi ne mai kaushi, wanda ba laka a ciki. Baro 15 zai isa. Mu kwantar da bututun ƙarfe biyu masu kaurin santimita 4 a kan burjin, mu zuba yashi tsakaninsu, mu ja miƙaƙƙen katako a kansu, mu zare su mu cike gurbinsu. Bayan bugu yashin zai koma wajen 3. Kada kowa ya taka shi, har kaji a kulle su. Wani yakan ce yashi mai kauri ya fi laushi. Laushin nan shi ne cutar, gama inda ya fi kauri nan ya fi nutsewa.

Bulo mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Namu filin murabba'i 24 ne, bulo 1,200 ke nan, mu ƙara 60 saboda fashewa da yanka. Mu fara daga kusurwa, muna tsaye a kan wanda muka jera. Mu saƙa su, ɗaya a miƙe ɗaya a gicciye, don kada layi ya tafi sambal. Tsakaninsu ya zama kamar kaurin ashana. Za su ɗara igiya da santimita 1, wannan daidai ne. Mu ɗora katako mu buga da guduma, ko mu bi da inji, har su sauka. Sa'an nan mu baza busasshen rairayi mai laushi, mu share shi cikin tsakani, mu sāke bugu, mu sāke sharewa har ya ƙi shiga. Kada mu zuba siminti a tsakani, tsagewa zai yi.

Bayan ruwan farko mu fita mu duba. In bulo yana motsi ƙarƙashin ƙafa, rairayin tsakani ya ragu, sai a ƙara. In tsakani ya buɗe kusa da baki, kankaren baya ya gaza. In ruwa ya kwanta wuri ɗaya, mu zana wurin da gawayi, mu ɓanɓare bulon, mu kwashe yashin, mu ƙara burji mu daɓe, mu maida sabon yashi da bulon nan na dā.